Idan allurar zafin mota ta fara hawa a cunkoso: Abin yi kafin hannu ya kai ga murfin lagireto

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a kudancin Jihar Katsina kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ba wuya matafiyi ya ga mota a gefen titi an ɗage bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun rakuɓe a inuwar bishiya, direba kuma ya naɗe tsumma a hannu yana shirin kwance murfin lagireto. A mafi yawan lokuta injin da ya yi zafi yana gyaruwa. Wanda ke ƙarewa a gadon asibiti shi ne mai tsumman nan, domin ya buɗe murfin kafin lokacinsa.

Hanyar Funtuwa zuwa Ƙanƙara, wadda ta ratsa ta 'Yargoje, ta isa misali. 'Yan kasuwa da ma'aikata na bin ta kullum, a ƙananan motocin haya masu lodi fiye da ƙima da kuma motocin gida. Inda aka kafa shingen jami'an tsaro, ko inda kasuwa ta ci har ta cinye rabin kwalta, sai motoci su jeru suna jan ciki. A nan allurar zafi ke fara hawa. Sannan yanki ne da ba kowa ke son tsayuwa a cikinsa ba: har yanzu ba a manta da harin da 'yan bindiga suka kai 'Yargoje a watan Yunin 2024 ba, wanda ya ci rayuka da dama, kuma ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun daɗe cikin wannan fargaba. Direban da zuciyarsa ke kan dajin da ke gefensa ba ya son jin an ce ya jira rabin sa'a. Saboda haka ya kamata ya san abin da ke faruwa a cikin injin, domin ya tantance inda gaggawa za ta yi masa amfani da inda za ta ƙone shi.

Me ya sa sai a cunkoso?

Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Kusan kashi ɗaya na fita ta salansa, ragowar kuma ruwan inji ne ke kwashe shi. Famfon ruwa na tura ruwan ya zagaya cikin inji ya ɗebo zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta ratsa tsakanin siraran ƙarafan lagireton ta tafi da zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Injin da ke lafiya yana aiki ne ruwansa na tsakanin digiri 90 zuwa 105, allura kuma tana zaune a tsakiya, tsakanin harafin C da harafin H.

Idan mota na gudu, gudun ne ke cusa iska cikin lagireto kyauta. Da zarar ta shiga layi, wannan iska ta yanke, komai ya koma kan fanka. A daidai wannan lokaci inji na silo, don haka famfon ruwa ma a hankali yake juyawa. Iskar da fankar ke jawowa kuwa ta riga ta ɗumama da zafin kwalta da hayaƙin motar gaba. Idan na'urar sanyaya mota a kunne take, abin ya ƙaru, domin nata lagireton a gaban na inji yake, shi iska ke fara ratsawa ta kwashi zafinsa kafin ta iso inda ake buƙatarta. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwarin da suka manne a jikin ƙarafan tun watannin baya su ma suna rage hanyar iskar.

Daga nan direba zai iya fara gano ciwon tun yana zaune a kujerarsa. Allurar da ke hawa a layi, ta sauka da zarar hanya ta buɗe, tana nuna matsalar iska ce: fanka ta mutu, ko fiyus ɗinta ya ƙone, ko gaban lagireto ya toshe. Wadda ke hawa a kan gudu ko a hawan tudu kuwa, ta fi nuna ruwa ya yi ƙasa, ko cikin lagireto ya cushe da tsatsa, ko famfon ruwa ya gaji.

Murfin da ke riƙe da tafasa

Mutane da yawa na ɗaukar murfin lagireto tamkar murfin jarka, wanda aikinsa hana ruwa zuba. Aikinsa ya wuce haka. A cikinsa akwai sifirin da roba da ke danne bakin lagireto, su hana matsi fita har sai ya kai wani mizani. Wanda ya duba saman murfin motarsa zai ga an buga lamba, galibi 0.9 ko 1.1, wato yawan matsin da murfin ke iya riƙewa.

Amfanin matsin shi ne yana ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa na tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, a ƙasar Katsina kuma, da yake tana kan tudu, wajen digiri 98. A ƙarƙashin murfi mai lamba 1.1, ruwa zalla ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120. Idan an gauraya shi rabi da rabi da ruwan kulan, matakin ya ƙara sama da wasu digirori. Ke nan ruwan da ke cikin injin da allurarsa ta doshi ja zai iya kai digiri 115 yana kwance shiru, ba ƙara, ba tururi. Murfin ne kaɗai ya hana shi tashi.

A yi lissafi kaɗan. Ƙaramar mota na ɗaukar ruwa kimanin lita 6. A ce ruwan na digiri 115, sai aka cire murfi. Nan take matakin tafasa ya faɗo zuwa 98, rarar digiri 17 ɗin nan kuma dole ta sami inda za ta. Abin da take yi shi ne mayar da kimanin kashi 3 cikin 100 na ruwan tururi a cikin ƙiftawar ido. Kashi 3 na lita 6 bai kai cikin kofin shayi ba. Sai dai ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, don haka wannan ɗan kofi na zama tururi kimanin lita 300, wato durom ɗaya da rabi. Ko da rabin ruwan ne kawai ya kai wannan zafi, tururin ya kusa cika durom. Kuma ba a saman lagireto yake samuwa ba. A can cikin inji yake samuwa, a bayan ruwan, don haka sai ya ingizo ruwan gaba ɗaya ta ƙofa ɗaya tilo da aka buɗe masa, wadda hannu da fuskar direba ke kanta.

Ruwa mai digiri 60 ma yana cin fata har ƙasa a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tsumman da aka naɗe a hannu ba ya tare wannan ambaliya. Yana jiƙewa ne ya manne wa fata da zafinsa.

Akwai wani kuskure da ya kamata masu Golf da Sharan da Fijo 406 su kiyaye, kuma irin waɗannan motoci sun cika tashoshinmu. Su murfinsu ba a kan lagireto yake ba, yana kan tankin roba da ke gefen inji, kuma tankin nan yana cikin matsi ɗaya da injin. Wanda ya saba da tsohuwar Toyota, inda robar gefe ta rarar ruwa ce kawai ba ta da matsi, yakan ɗauka wannan ma haka take, ya murɗe murfin hankali kwance. Haɗarinsu ɗaya da murfin ƙarfe. Alamar da za a duba ita ce murfi mai kauri mai zare, da zanen gargaɗi a kansa.

Tun ana cikin layi

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya taso daga Funtuwa da ƙarfe 1 na rana a watan Afrilu, a motarsa ƙirar Golf, but cike da kaya, zai je Ƙanƙara. Dab da 'Yargoje ya tarar da layi. Bayan minti 10 ana matsawa taku-taku, ya lura allura ta bar tsakiya ta kai kashi uku cikin huɗu na geji. Ba tururi, ba wari.

Abu na farko, ya kashe na'urar sanyaya mota ya sauke gilasai. Na biyu shi ne wanda fasinja kan ɗauka direba ya zautu: ya kunna hita, ya kai ta ƙarshen zafi, ya ƙure fankarta. Hita ƙaramin lagireto ce da ke ɓoye a bayan dashbod, ruwan inji ne ke bi ta cikinta, don haka duk zafin da ta huro cikin mota daga inji ta cire shi. Za a sha gumi, amma sau da yawa wannan kaɗai na tsayar da allura. A motocin da aka riga aka toshe tiyon hitarsu, kamar yadda wasu kanikawa ke yi idan ta fara yoyo, wannan dabara ba ta aiki.

Hitar tana kuma ba da labari. Idan ta huro iska mai zafi sosai, akwai ruwa kuma yana zagayawa. Idan allura na sama amma hitar da aka san tana aiki ta huro iska mai sanyi, to ruwa ya yi ƙasa ƙwarai ko famfo ya daina turawa, kuma babu dabarar da ta rage illa a kashe inji.

Idan layin ya tsaya cik, ya sa giya a firi, ya ɗan taka totur inji ya kai juyi 1,500 zuwa 2,000, domin famfo ya ƙara saurin zagaya ruwa. Ya kuma bar tazara tsakaninsa da motar gaba, ya riƙa matsawa sau ɗaya maimakon riƙe kuloci yana jan ciki. Ya kasa kunne: a irin wannan zafi dole a ji fankar lagireto na kuka. Idan shiru, ya riga ya san inda matsalar take.

Minti 2 zuwa 3 sun isa a ga sakamako. Allura ta tsaya ko ta fara sauka, sai ya ci gaba a haka har hanya ta buɗe, iskar gudu ta ƙarasa aikin, ya tsaya a cikin gari ya duba. Amma idan ta taɓa ja, ko jar fitilar zafi ta kama, ko tururi ya ɓullo, ko ya ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko inji ya fara ƙwanƙwasa yana rasa ƙarfi, lokacin tsayawa ya yi. Haka nan idan allurar da ke sama ta faɗo ƙasa farat ɗaya ba dalili. Wannan ba sauƙi ba ne. Sau da yawa ruwa ne ya ƙare har na'urar da ke auna zafin ta rasa abin da za ta auna.

A nan ne batun wurin tsayawa ke shigowa, kuma ra'ayin mai wannan rubutu shi ne a faɗe shi a fili. Kan silinda na yawancin motocin yanzu na alminiyom ne, kuma mintuna kaɗan a cikin ja sun isa su lanƙwasa shi, su ƙone gasket. Wannan asarar kuɗi ce mai yawa, amma ta kuɗi ce. Idan wurin da allura ta kama mutum daji ne da hankalinsa bai kwanta da shi ba, kuma gari ko shingen jami'ai na kusa, zai iya lallaɓawa: ya yi 'yar tafiya a hankali da hita a kunne, ya kashe inji kafin allura ta shiga ja, ya jira ta sauka, ya sake tayarwa. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne buɗe murfi don a yi sauri. Direban da hannayensa suka saluɓe ba zai iya riƙe sitiyari ba, ga shi ruwan da ya rage a injin ma ya tsiyaye a ƙasa. Ya rasa motar da lafiyar a wurin da yake gudun tsayawa.

Bayan an tsaya

Ɗan kasuwarmu ya samu ya gangara gefen titi a bakin gari. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya sauke mutane su koma nesa da kwalta, ya kashe inji. Idan fankarsa ta lantarki ce kuma tana aiki, zai iya mayar da makulli inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ya tayar ba, fankar ta yi ta hura lagireto na 'yan mintuna. Kada ya daɗe, saboda batir.

Akwai abin da da yawa ba su sani ba: a mintunan farko bayan kashe inji, zafin ruwan ƙaruwa yake yi. Famfo ya tsaya, ruwa ya daina zagayawa, ƙarfen inji kuma na ci gaba da zuba masa zafin da ya tara. Lokacin da direba ke ganin ai ya kashe mota, ya fito da tsummansa, shi ne lokacin da matsin ya fi kowane lokaci yawa.

Muddin tururi na fita, bonet ma a bar shi a rufe. Idan ya lafa, a ɗage shi daga gefe, fuska a kauce, domin iska ta shiga. Daga nan sai kallo da ido, hannu a baya, domin fankar lantarki a wasu motoci takan tashi da kanta ko da makulli na aljihu. A duba ƙasan mota ko ruwa na ɗiga. A duba tiyo ko ya tsage ko ya kuɓuce daga bakinsa, a duba fambel ko ya tsinke. Tankin roba ana ganin matakin ruwansa daga waje, ba sai an taɓa murfi ba.

Al'adar kwara wa inji bokitin ruwan sanyi ta fi ɓarna. Ƙarfe mai zafi da aka sanyaya gefe ɗaya farat ɗaya yana iya tsagewa, ga wayoyi da na'urorin lantarki da ruwan zai shiga. Idan ya zama dole a taimaka masa, a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan a jikin lagireto kawai, ta gaban mota.

Jiran ba ya gaza minti 30, kuma a ranar Afrilu yakan kai 45 ko sa'a guda. Agogo kaɗai bai isa shaida ba. Shaida ita ce tiyon sama. A sa tsumma a matsa shi: idan yana da tauri kamar tayar keke mai iska, akwai matsi, a koma inuwa. Idan ya yi laushi yana lotsawa, kuma ana iya ɗora tafin hannu a kansa a bar shi ba tare da an janye ba, to an iso.

Ko a lokacin, da sannu ake buɗewa. A ninka tsumma mai kauri, busasshe, a rufe murfin da shi, a tsaya daga gefe a miƙa hannu. Murfin ƙarfe mataki biyu gare shi. A juya shi hagu ba tare da an danna ba, zai tsaya da kansa bayan kamar rubu'in juyi. An yi wannan matsaya ne musamman domin ragowar matsi ya fita murfin na nan a maƙale. Idan aka ji huci, a saki a ja da baya har ya yi shiru. Sai bayan nan a danna, a ƙarasa juyawa, a ɗaga shi ana karkatar da bakinsa nesa da fuska. Murfin roba mai zare kuwa rabin juyi ake fara yi masa, a saurara. In ruwa ya fara tasowa, a mayar a ɗaure.

Wajen ƙari, a zuba a hankali. Ruwan kulan shi ne daidai, amma a hanya ruwa mai tsabta ya wadatar a isa gari, kuma wanda ya kwana a but ya ɗumama ya fi na ƙanƙara. Ruwan rijiya da na rafi ne ke barin ɓawo da tsatsar da ke toshe lagireto a hankali, don haka in an yi amfani da shi a sauya shi daga baya. Kulan ɗin da ya zube a ƙasa kuma a rufe shi da ƙasa, domin yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.

A tafi ko a nemi ja?

Bayan an cika ruwa an rufe, a tayar a sa ido a kan allura na 'yan mintuna. A misalin namu, a ce ruwan bai ragu sosai ba, ba yoyo, fanka ce dai ba ta juyawa. Bakanike ko mai wayarin zai fara da fiyus da rile kafin ya zargi fankar kanta. Ko ba a samu gyara a nan ba, motar za ta iya kaiwa Ƙanƙara a buɗaɗɗiyar hanya, na'urar sanyi a kashe, muddin ba a sake shiga wani layin ba.

Alamun da ke hana tafiya daban suke. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya yankewa, kumfa da ke ta tasowa a cikin tanki inji na aiki, baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara a jikin sandar awo, ko tiyon da ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayar da inji mai sanyi, duk suna nuna gasket ya tafi. Haka ruwan da ake zubawa yana bi ta ƙasa. A irin wannan hali jan motar ya fi arha. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Idan kuwa tsautsayi ya riga ya auku, ruwan ya watsu wa mutum, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura, a cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, kada a fasa bororo. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da baƙin mai da ake shafawa ba sa warkar da komai, sai dai su shigar da datti su wahalar da ma'aikacin jinya wajen wankewa. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta taɓa fuska ko ido ko tafin hannu, ko ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ta asibiti ce, kuma akwai Babban Asibiti a Ƙanƙara da Funtuwa.

Idan an isa gareji, akwai maganin da kanikawa suka fi saurin bayarwa: a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, wai an yi motar ne domin ƙasar sanyi. Allura takan sauka, mai mota ya tafi da murna, alhali toshewar lagireto ko yoyon da ya jawo zafin na nan, inji kuma ya koma aiki ƙasa da zafin da aka tsara masa, yana ƙara shan mai. Gara a nemi a wanke lagireto ciki da waje, a gwada fanka, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. A kuma juya murfin kansa a duba. Idan robarsa ta tsattsage ko sifirin ya saki, ba ya riƙe matsi, ruwa zai riƙa tafasa tun a wajen digiri 100 yana ficewa ta tiyon rara, motar ta yi ta neman ƙari ba a ga inda take yoyo ba. Sabon da za a saya, lambar da ke kansa ta zama daidai da wadda kamfanin motar ya sa.